Yadda Ake Kare Firinta Daga Bugun Wuta a Lokacin Sauyawa Tsakanin Lantarki da Janareta

A Mile 2 da ke Legas, inda babbar hanyar Badagry ta haɗu da ta Apapa zuwa Oshodi, takarda na cikin abubuwan da ke juya kasuwanci. Masu fiton kaya daga tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, da direbobin manyan motoci, da matafiya masu nufar iyakar Seme, duk sukan buƙaci a buga musu takarda ko a yi musu kwafi cikin gaggawa. Haka lamarin yake a Agege da sauran unguwannin da Hausawa ke da yawa a birnin, inda ƙananan shagunan buga takardu ke aikin rasit, da takardun makaranta, da katin gayyatar ɗaurin aure. Jarin irin waɗannan shaguna yawanci bai wuce kwamfuta ɗaya ko biyu da firinta ba, kuma idan firintar ta ƙone, cinikin ranar ya tsaya ke nan har sai an gyara.

Mafi yawan haɗarin da firinta ke fuskanta daga wuta yana taruwa ne a cikin 'yan daƙiƙun da ake sauyawa daga wutar kamfani zuwa ta janareta, ko daga janareta a koma ta kamfani. Wanda ya fahimci abin da ke faruwa a wannan ɗan lokaci zai iya kare na'urarsa da kuɗi kaɗan. Wanda bai fahimta ba kuwa yana iya sayen na'urar kariya mai tsada, amma wadda ba ita ce maganin matsalarsa ba.

Yawan sauyi, yawan haɗari

Kamfanoni biyu ne suka daɗe suna raba wutar Legas tun bayan miƙa harkar rarraba lantarki ga 'yan kasuwa a watan Nuwamban 2013, wato Eko da Ikeja, kuma Agege na ɓangaren Ikeja. Hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar bisa yawan awannin da ya kamata su samu a rana. Rukunin A na da aƙalla awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, sannan E awa 4. Sai dai waɗannan awanni ba a jere suke zuwa ba. Shagon da ke samun wutar awa 12 yana iya ganin an ɗauke an dawo da ita sau da yawa tsakanin safiya da magariba, kuma kowace ɗaukewa na nufin sauyi biyu, ɗaya zuwa janareta, ɗaya na dawowa.

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 an ƙara samun wani dalili na gaggawa. Mai shago ba ya son janareta ya ci gaba da shan mai ko na minti ɗaya bayan an dawo da wuta, don haka da zarar ƙararrawa ta yi ƙara sai a ruga a ja makunnin sauyi. Wannan minti na farko kuwa shi ne mafi muni a duk tsawon ranar.

Haɗari uku da ake kira da suna ɗaya

Idan na'ura ta lalace, abin da aka saba ji shi ne wuta ta buge ta. A zahiri abubuwa uku ne mabambanta ke faruwa, kuma kowanne da maganinsa.

Na farko shi ne tunkuɗowar wuta ta ƙiftawar ido. Ƙarfin wutar gida a Najeriya bolt 230 ne, amma akwai lokacin da yakan yi tsalle zuwa bolt dubu ko fiye na ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Tsawa na haddasa wannan, musamman a daminar Legas mai tsawo. Haka kuma duk lokacin da aka katse wuta daga wani abu mai naɗin waya, kamar injin famfon ruwa ko firji ko taransifoma, ƙarfin da ke cikin naɗin yakan koma kan layi. Jan makunnin sauyi alhali komai na kunne yana yin daidai wannan.

Na biyu shi ne wuta mai yawa ko mai rauni da ta daɗe a haka, daga daƙiƙu zuwa awanni. Idan aka dawo da wuta a unguwa, firji da famfo da na'urorin sanyaya ɗaki na gidaje da dama sukan tashi a lokaci guda, sai ƙarfin wutar ya faɗi, ya sake hawa, wani lokacin ma layin ya sake yankewa kafin minti biyu. Janareta ma haka yake. Injinsa na buƙatar juyi 3,000 a minti ɗaya kafin ya ba da wuta daidai, kuma a daƙiƙun farko bayan tayar da shi bai kai ga daidaita ba. Idan mai ya kusa ƙarewa sai a ji yana ja yana saki, kuma duk jan da ya yi ƙarfin wutar na hawa da sauka tare da shi.

Na uku shi ne yankewar wuta ana tsakiyar aiki. Wannan ba ya ƙona komai kai tsaye, amma yakan bar sassan firinta a inda bai kamata su tsaya ba.

Firinta iri biyu, rauni iri biyu

Firinta mai lesa, wadda ke amfani da garin tawada da ake kira tona, tana da wani sashe mai suna fiyuza. Aikinsa shi ne gasa garin a kan takarda da zafin da ke kusa da digiri 200 a ma'aunin Salshiyos, shi ya sa takarda ke fitowa da ɗumi. Wannan sashe ne ke sa firinta mai lesa ta zama mai cin wuta ta hanya ta musamman. Tana zaune shiru ba ta jan abin da ya wuce 'yan wat kaɗan, amma da zarar an aika mata aiki sai ta ja ɗaruruwan wat nan take, wani lokaci har kusan dubu, domin ɗumama fiyuza. Haka take yi duk lokacin da aka kunna ta. Saboda haka firintar da aka bari a kunne lokacin sauyi takan ɗora wa layin babban nauyi a daidai lokacin da wutar ba ta zauna ba.

Firinta mai tawadar ruwa, har da masu tanki da suka yawaita a shagunan hoto, ba ta cin wuta sosai, yawanci tsakanin wat 10 zuwa 30 take ja tana aiki. Rauninta na wajen kan da ke fesa tawadar. Idan aka kashe ta da maɓallinta, takan mayar da kan zuwa mazauninsa ta rufe shi da wani murfin roba don kada iska ta busar da tawadar. Idan kuwa wuta ce ta yanke, kan yakan tsaya a tsakiyar hanya a buɗe. In ya kwana a haka ƙananan ramukansa na iya toshewa, sai a wayi gari ana ganin fararen layuka a jikin hoto, a yi ta wanke kai ana ɓarnar tawada.

Akwai abin da ya kamata a duba tun kafin a fara jona kowace firinta, wato ƙaramar takardar da ke manne a bayanta. Idan an rubuta 220–240V, to ta dace da wutar Najeriya. Firintoci 'yan gwanjo da aka shigo da su daga Amurka, irin waɗanda ake samu a kasuwar Alaba ko Computer Village da ke Ikeja, sau da yawa 110–127V ne a jikinsu. Irin waɗannan, musamman masu lesa, suna ƙonewa nan take idan aka jona su kai tsaye, kuma dole sai da taransifomar rage wuta mai girman da zai ɗauki nauyin fiyuzarsu.

Tsarin sauyi: firinta ce farkon kashewa, ita ce ƙarshen kunnawa

Kariya mafi arha ba ta buƙatar sayen komai, tsari ne kawai da kowa a shagon zai bi. Idan an ɗauke wuta, abu na farko shi ne a kashe soket ɗin firinta a bango kafin a taɓa janareta. Daga nan a tayar da janareta ba tare da wani nauyi a kansa ba, a bar shi minti ɗaya ko biyu har sautinsa ya daidaita. Sai a ja makunnin sauyi, a fara kunna fitila da fanka, sannan kwamfuta. Firinta ita ce ta ƙarshe.

Idan aka dawo da wutar kamfani, ba a barin janareta nan da nan. Ana bari ya ci gaba da aiki na minti uku zuwa biyar, ana kallon ƙwan fitilar da ke nuna wutar kamfani ko allon mita, domin a ga ko wutar ta zauna. A cikin wannan lokaci sai a bar firinta ta gama abin da take bugawa, a kashe ta da maɓallinta, a jira har ta yi shiru, sannan a kashe soket. Bayan haka ne ake jan makunni, a bar janareta ya ɗan yi aiki babu nauyi kafin a kashe shi. Man da zai sha a waɗannan mintuna bai kai kuɗin allon wutar firinta ba.

Kuskure biyu ne suka fi yawa a nan. Ɗaya shi ne kashe janareta alhali kaya na kansa, domin yayin da injin ke mutuwa wutar kan sauka a hankali ta ratsa duk matakan da na'ura ba ta so. Ɗayan shi ne barin mai ya ƙare a cikinsa ana tsakiyar aiki, wanda ke haifar da abu iri ɗaya tare da ja da saki.

Na'urorin kariya da iyakar kowacce

Tsari na aiki ne idan akwai mutum a wurin kuma bai manta ba. Wuta kuwa ba ta sallama kafin ta tafi, don haka ana buƙatar na'ura. Huɗu ne aka fi samu a kasuwa.

Ta farko ita ce soket mai tare tunkuɗowar wuta. A cikinsa akwai wani ƙaramin faifai da ba ya barin wuta ta ratsa shi a ƙarfinta na yau da kullum, amma idan ta yi tsalle sosai sai ya buɗe ya karkatar da ita. Wannan na maganin haɗari na farko ne kaɗai. Idan wuta ta hau bolt 270 ta zauna, ko ta faɗi zuwa 160, babu abin da zai yi. Faifan kuma yana tsufa da kowane bugu, shi ya sa masu kyau ke da 'yar fitila da ke nuna ko kariyar na nan. Da yawa daga cikin dogayen soket masu arha fitilarsu ta nuna wuta ce kawai, babu wani faifai a ciki.

Ta biyu ita ce mai gadin wuta, irin wanda ake sa wa firji ko talabijin. Yana auna wutar a kowane lokaci, idan ta wuce iyaka ta sama ko ta ƙasa sai ya yanke, kuma bayan ta dawo daidai ba ya sakin ta sai ya jira wani lokaci, daga 'yan daƙiƙu zuwa minti uku ko fiye, gwargwadon irinsa. Wannan jira shi ne babban amfaninsa ga firinta, domin yana yin abin da mai shago zai yi da hannu ko da ba ya nan. Sai dai a duba adadin amfiyan da yake ɗauka. Wanda aka yi wa talabijin yakan yi wa babbar firinta mai lesa kaɗan, gara mai amfiya 13.

Ta uku ita ce sitabilaiza, wadda ke ɗaga wuta mai rauni ta kuma rage mai yawa. Ita ce maganin unguwar da wutarta ke yini a ƙasa da bolt 200. Iyakarta ita ce tana da ɗan jinkiri, don haka tunkuɗowar ƙiftawar ido kan wuce kafin ta motsa. Yawancinsu na da maɓalli da aka rubuta wa Delay, kuma shi ya kamata a bari a danne kullum. Mutane da yawa na cire shi saboda ƙosawa da jira, alhali shi ne rabin amfanin na'urar.

Ta huɗu ita ce UPS, mai ƙaramin batir da ke riƙe wuta na 'yan mintuna. Ga kwamfuta da firinta mai tawadar ruwa ita ce amsar haɗari na uku, domin tana ba da damar gama shafi da kashe na'ura yadda ya kamata. Ga firinta mai lesa kuwa, masu ƙera UPS da kansu na gargaɗin kada a jona ta a soket ɗin batir na ƙananan UPS, saboda dalilin da lissafin da ke tafe zai nuna.

Misali da lissafi

A ɗauka akwai wani shago a kusa da tashar motar Mile 2 mai kwamfutocin tebur biyu, da fanka, da fitilu, da firinta mai lesa wadda aka rubuta 220–240V da 5A a bayanta. Wannan 5A na nufin mafi yawan abin da take ja. Idan aka ninka bolt 230 sau amfiya 5 za a samu 1,150, kuma wannan shi ne nauyinta a ma'aunin VA da ake rubutawa a jikin sitabilaiza da UPS.

Daga nan ana iya ganin abin da ya sa UPS mai 650VA, wanda shi ne aka fi saya, ba zai ɗauke ta ba. Abin da yake iya bayarwa a zahiri bai kai wat 400 ba. Da zarar fiyuza ta fara ɗumi sai ya yi ƙara ya yanke, ya tafi da kwamfutar da aka saye shi dominta. Daidai shi ne kwamfuta ta zauna a kan UPS, firinta kuma ta samu nata soket daban.

Wajen sitabilaiza, mai 1,000VA ta yi kaɗan tun daga farko. Mai 1,500VA na iya zama kamar ta isa, amma akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Idan wutar da ke shigowa ta faɗi zuwa bolt 160, sai sitabilaiza ta ja sama da amfiya 7 daga bango kafin ta iya ba firinta 1,150 ɗin da take buƙata. Naɗin wayarta na ɗumi ne bisa yawan amfiya, don haka a wuta mai rauni ƙarfin da take iya ɗauka yana raguwa sosai, wani lokaci zuwa kusan rabin abin da aka rubuta a jikinta. Shi ya sa ake ninka nauyin na'ura sau biyu wajen zaɓe. Ga wannan shago, ninkin ya kai 2,300VA, don haka mai 2,000VA ta ɗan gaza, mai 3,000VA ce ta fi kwanciyar hankali.

Saura janareta. Kwamfutoci biyu da allunansu za su ci kimanin wat 300, fanka da fitilu kimanin 100, jimilla 400. Idan aka ƙara firinta a lokacin da take ɗumi, nauyin ya kai kusan 1,550. Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, wanda kowa ya sani a Legas, wat 650 ne kawai yake iya riƙewa, don haka duk lokacin da aka aika aiki sai ya durƙusa, fitilu su dushe. Janareta mai kVA 2.5 na ba da kimanin wat 2,000, ya isa da ɗan rara. Amma idan aka ƙara injin manna leda a kan takarda ko injin kwafi, waɗanda su ma da zafi suke aiki, to dole a riƙa amfani da su ɗaya bayan ɗaya, ko a nemi janareta mafi girma mai na'urar daidaita wuta a cikinsa, wadda ake rubuta AVR.

Jerin haɗawar ma na da muhimmanci. Idan aka sa mai gadin wuta a gaban sitabilaiza alhali an saita shi ya yanke a bolt 185, to duk ranar da wuta ta yi rauni zai yanke kafin sitabilaiza ta samu damar ɗaga ta. Mafita biyu ce. Ko a sa shi bayan sitabilaiza, tsakaninta da firinta, ko a nemi wanda ake iya saita iyakarsa, a sauke ta ƙasa zuwa inda sitabilaiza ke iya aiki, a bar ta sama a wajen bolt 255 zuwa 260.

Abin da ke cikin bango

Akwai lalacewar da ke farawa tun daga wayoyin ginin. Taransifomar unguwa na fitar da layuka uku masu wuta da kuma waya ta huɗu da masu aikin lantarki ke kira nitiral. Tsakanin kowane layi da nitiral bolt 230 ne, amma tsakanin layi da layi kimanin bolt 400 ne. Idan nitiral ta tsinke ko ta yi tsatsa a mahaɗa, abin da danshi da iskar teku ke saurin jawowa a Legas, sai wutar ta rabu ba daidai ba tsakanin shaguna. Alamarsa a fili take: fitilun wani shago su yi haske fiye da kima, na maƙwabcinsa su dushe. Wanda nasa suka yi haske yana iya samun fiye da bolt 300, kuma abin da ya kamata shi ne ya kashe babban makunni nan take, a sanar da kamfanin wuta. A irin wannan hali soket mai tare tunkuɗowa kansa yakan ƙone, mai gadin wuta ne kaɗai ke iya yankewa a kan lokaci. Al'adar nan ta cire fis daga wani layi a mayar wani don neman mai ƙarfi ma tana da irin wannan haɗari idan aka yi kuskuren haɗi.

Makunnin sauyi shi ma sai an duba shi. Dole ne ya raba gida da wutar kamfani gaba ɗaya kafin ya haɗa shi da janareta, kuma a tsarin ƙananan shaguna ya riƙa sauya waya mai wuta da nitiral tare. Jona janareta a soket ɗin bango ba tare da makunni ba na iya tura wuta zuwa layin waje ta kashe ma'aikacin da ke kan falwaya, kuma ranar da aka dawo da wuta ana cikin haka janaretan da kayan shagon duk suna cikin haɗari. Makunni mai wuƙa da bakinsa ya yi baƙi ko yake tartsatsi ya kamata a sauya shi. Inda aka sa mai sauyawa da kansa, a tabbatar yana da agogon jira, domin wanda ke komawa wutar kamfani a daƙiƙar da ta dawo yana maimaita kuskuren mai gaggawa ne kawai.

Sai wayar ƙasa, wadda ke haɗe da sandar ƙarfe da aka binne. Soket mai tare tunkuɗowa na buƙatarta domin ya yi cikakken aikinsa, kuma shaguna da yawa da aka yi da kwantena ko katako waya biyu kawai aka ja musu. Idan jikin kwamfuta ko bakin wayar firinta na ɗan jan hannu, alama ce cewa wayar ƙasa babu ko ta yanke. Duk waɗannan ayyuka na ƙwararren mai aikin lantarki ne, kuma da mitar gwaji zai iya tabbatar da su cikin 'yan mintuna.

Alamomin da ke nuna wuta ce matsalar

Firintar da aka rubuta wa 220–240V yawanci tana jure bambancin kashi 10 cikin ɗari, wato daga bolt 198 zuwa 264. Ƙaramar mitar da ake sokawa a soket ta isa ta nuna ko ana cikin wannan iyaka, kuma gwajin da ya fi amfani shi ne a kalle ta a daidai lokacin da firinta ta fara ɗumi. Idan lambar ta faɗi ƙasa da 200 a wannan lokaci, to janareta ya yi kaɗan, ko kuma wayar da ta kawo wutar ta yi siriri ko tsawo.

Idan rubutu na gogewa da yatsa, fiyuza ba ta kai zafinta ba, kuma kafin a zarge ta sai a gwada firintar a kan wuta mai kyau. Firintocin HP masu lesa kan nuna saƙo mai farawa da lamba 50 tare da Fuser Error idan zafin bai daidaita ba, na Canon kuma E000 ko E001. Idan saƙon na fitowa ne a kan janareta kaɗai, to wutar ce, kuma sayen sabuwar fiyuza ba zai warware komai ba. Firintar da ta mutu gaba ɗaya bayan an dawo da wuta, ko da ƙauri ko babu, mafi yawan lokuta allon wutarta ne ya taɓu, wani lokacin ma fis da faifan kariya ne kawai suka ƙone, gyaran da bai kai sayen sabuwa ba. Kada a yi ta kunna ta ana gwadawa, kuma kada a ɗaure fis da waya. Wadda ke kunnuwa amma kwamfuta ba ta ganinta bayan ruwan sama mai tsawa, ana iya zargin bugun ya bi ta wayar USB ko ta intanet ne, shi ya sa ake zare su tare da filogi idan hadari ya taso ko za a rufe shago da dare.

Idan wuta ta yanke ana tsakiyar bugawa

A firinta mai lesa, takarda kan tsaya a cikin fiyuza mai zafi. Sai a kashe soket, a jira kamar minti goma zuwa sha biyar ta huce, a cire gwangwanin tona, a ja takardar a hankali da hannu biyu ta hanyar da take bi. Ba a sa wuƙa ko almakashi, domin ledar da ke lulluɓe da fiyuza siririya ce, kuma idan ta yage kowane shafi zai riƙa fitowa da tabo. Gwangwanin da aka cire a rufe shi da takarda ko ƙyalle, saboda haske na lalata gangar da ke cikinsa.

A mai tawadar ruwa, da zarar an samu wuta mai kyau sai a kunna ta, a bari ta mayar da kanta mazauninsa, sannan a kashe da maɓalli. Ba a barin ta ta kwana da kai a buɗe idan akwai yadda za a yi. A ɓangaren kwamfuta kuma, aikin da ya yanke yakan maƙale a layin jira, don haka sai a soke shi a sake aikawa daga shafin da aka tsaya.

Lokaci ɗaya ne yankewar wuta ke iya kashe firinta gaba ɗaya ba tare da ta ƙona komai ba, wato sa'ad da take sabunta manhajar da ke cikinta. Idan wuta ta tafi a tsakiyar wannan aiki, na'urar na iya ƙin tashi har sai an sake rubuta mata manhajar ko an sauya allonta. Saboda haka ana yin sabuntawar ne a kan inbata mai ƙarfi ko janareta mai cikakken tanki, kuma a firintocin da ke haɗe da intanet yana da kyau a kashe sabuntawa ta kai-tsaye, domin mai shago ne ya kamata ya zaɓi lokacin da za a yi ta.